Canki wace kalma ta fi raba ragowa? Ku duba mani wannan ɗan firogiram

Dan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun nan na zauna ina rubuta wasan cankar kalma da Hausa, irin Wordle: kalma mai harafi biyar, dama shida, kore idan harafi ya faɗa gurbinsa, rawaya idan yana cikin kalmar amma ba a nan ba, toka idan babu shi sam. Wasan yana aiki. Yanzu so nake in ƙara wani ɗan firogiram da zai duba kalmomin da suka rage ya ce mani wace kalma ta fi dacewa in canka gaba.

Abin da na yi: na ƙirga haruffan da suka fi yawa cikin ragowar, kalmar da ta fi tara su ita ke zuwa sama. Jiya na gwada, bayan canki biyu na samu kore huɗu, watau -anda. Saura takwas: banda, ganda, manda, randa, sanda, tanda, wanda, yanda. Firogiram ɗin ya ce in canki sanda, ba ita ba. Ya ce banda, ba ita ba. Haka har damar ta ƙare, ashe tanda ce. Ina kuskuren yake? Lissafin ne ko kod ɗin?

injiniya_dundaye:
Wa alaikumus salam. Kod ɗinka lafiya lau, tambayar da ka sa shi ya amsa ce ba daidai ba. Ka tambaye shi wace kalma ta fi kama da sauran, alhali abin da kake buƙata shi ne wace kalma ta fi raba su. A takwas ɗin nan a, n, d duk kowa na da su, don haka su ne suka fi yawa, kuma su ne ba su gaya maka komai.

Sadauki_RunjinSambo:
Ni dai abin da nig gani, ka jera su bisa abacada, ka ɗauki ta tsakiya. In ba ita ba ta, ka yar da rabi, ka sake ɗaukar ta tsakiya. Haka anka koya muna neman abu cikin jeri, kalma takwas sau ukku ya ishe ka.

injiniya_dundaye:
Sadauki, wannan sai in wasan yana ce maka "amsar tana gaba" ko "tana baya". Ba ya faɗin haka. Launi kawai yake bayarwa. Ka canki randa, amsa tanda: toka ɗaya, kore huɗu. Amsa banda: toka ɗaya, kore huɗu. Ba ka san gaba ko baya ba. Amma tunaninka na raba biyu yana kan hanya, shi ne ma tushen abin.

Malama_Lissafi:
Sannunku. Dan_Mabera, ƙanena, bari in bi misalinka a hankali, domin ka samo misali mai kyau ƙwarai.

Ka ɗauka kalmomin da suka rage albasa ce a gabanka za ka kasa. Duk canki da ka yi, kasa su yake yi kashi-kashi. Kalmomin da za su ba ka launuka iri ɗaya sak suna kashi ɗaya, domin bayan ka ga launin ba ka da hanyar bambanta su. Amsar gaskiya tana cikin kashi ɗaya, kuma wannan kashin ne za a bar ka da shi. To me kake so? Kashi da yawa, kowane ƙarami.

Ɗauki sanda. Idan amsar sanda ce, kore biyar, kashi mai kalma ɗaya. Sauran bakwai duk launi ɗaya za su ba ka. Kashi biyu ke nan, 1 da 7. Sau bakwai cikin takwas za ka tashi da kalma bakwai a hannu, ka kashe dama guda a kan cire kalma guda.

Yanzu ɗauki turmi. Na san ba ta cikin takwas ɗin, ba za ta taɓa zama amsa ba, amma duba aikinta. Idan amsar tanda ce, t zai yi kore. Idan randa ce, r zai yi rawaya a gurbi na uku. Idan manda ce, m zai yi rawaya a gurbi na huɗu. Idan kuwa banda, ganda, sanda, wanda ko yanda ce, toka biyar. Kashi huɗu: 1, 1, 1, 5. In ka faɗa cikin biyar ɗin, sai ka canki sabga. Ita kuma ta ware sanda da s, banda da b, ganda da g, ta bar wanda da yanda tare.

Ƙirga ka gani. Tanda, randa, manda za ka same su a canki na biyu. Sanda, banda, ganda a na uku. Wanda a na uku, yanda a na huɗu. Jimla 22, raba da 8, ya zama 2.75. Bin su ɗaya bayan ɗaya kuwa, 1 har zuwa 8, matsakaicinsa 4.5. Kai da dama huɗu ta rage maka, hanyarka rabin lokaci faɗuwa za ta yi, hanyar turmi da sabga kuwa ba ta wuce huɗu ko da amsar ta zo a mafi muni.

Dan_Mabera:
Allah ya saka da alheri Malama. Wallahi ban taɓa kawo wa raina in canki kalmar da na san ba ita ba ce. Firogiram ɗina ma cikin ragowa kaɗai yake zaɓe. To yaya zan mayar da "kashi da yawa, kowane ƙarami" ya zama lamba ɗaya da zan jera kalmomi da ita?

Malama_Lissafi:
Hanya mafi sauƙi: ka tambayi kalma nawa za su rage maka a matsakaici. Kashi mai kalma k, damar faɗawa cikinsa k bisa n ce, kuma in ka faɗa k za su rage. Don haka ka ninka girman kowane kashi da kansa, ka haɗa, ka raba da n. Sanda: 1 da 49, 50 raba 8, 6.25. Turmi: 1, 1, 1 da 25, 28 raba 8, 3.5. Wadda lambarta ta fi ƙanƙanta ita ce a sama.

Hanya ta biyu ita ce entrofi, ma'aunin da Claude Shannon ya kawo a 1948. Ana auna shi da bit, kuma bit ɗaya shi ne raba ragowa biyu daidai, irin abin da Sadauki ya faɗa. Kalma takwas na buƙatar bit uku: takwas zuwa huɗu, huɗu zuwa biyu, biyu zuwa ɗaya. Sanda tana ba ka kimanin 0.54, turmi kimanin 1.55. A nan babba ake so. Ga yadda nake rubuta shi:

```python
from collections import Counter
from math import log2

def maki(canki, ragowa):
    kashi = Counter(launi(canki, a) for a in ragowa)
    n = len(ragowa)
    return sum(k / n * log2(n / k) for k in kashi.values())
```

Ka gudanar da shi a kan dukkan kalmomin da wasan ya yarda a canka, ba ragowa kaɗai ba.

Yar_Arkilla:
Malama don Allah, me ya sa ba a nemi kalmar da ke ɗauke da huɗu ko biyar daga b, g, m, r, s, t, w, y ba? Ai da an gama da wuri.

Baba_GawonNama:
Ɗiyata, nemo ta ki gani. Kalmar Hausa mai harahi biyar mafi yawa wasali biyu gare ta, baƙi ukku: turmi, garma, burtu, sabga. Gaɓarmu ba ta son tarin baƙaƙe awa ta Turawa. Shi yas sa ukku na iyakar abin da kika iya warewa a nan da canki guda, sai in an tsinto wata baƙuwar kalma. Ni shekaru na yi ina koyar da Hausa, kod ban sani ba, amma wanga na sani.

Yar_Arkilla:
Na gode Baba. Na ɗan gwada a takarda, gwaba ma uku ce, g, w, b. Ban samu mai huɗu ba.

Dan_Mabera:
Na saka `maki`, kuma turmi ta zo cikin na sama tare da wasu masu maki iri ɗaya. Sai dai sabuwar matsala. Na gwada da wani wasan da abokina ya rubuta, na canki kwana, ya ba ni kore huɗu da toka a ƙarshe. Da na shigar da launukan, firogiram ɗina ya ce ragowa sifili, daga nan ya tsaya. Amsar kwano ce, kuma na duba tana cikin jerina. Ga `launi` ɗina:

```python
def launi(canki, amsa):
    return tuple(2 if c == a else 1 if c in amsa else 0
                 for c, a in zip(canki, amsa))
```

injiniya_dundaye:
Ga ɓarawon nan. Harafi mai maimaituwa ne. Kwana tana da a biyu, kwano a ɗaya ne da ita. A na gurbi na uku ya yi kore, ya cinye wannan guda ɗayan. A na ƙarshe bai da abin da zai kama, dole ya zama toka. Naka kuwa tambaya kawai yake "akwai a cikin kwano?", a ce e, sai ya ba shi rawaya. Wasan abokinka ya ce toka, naka ya ce kwano rawaya za ta bayar, sai ya jefar da ita da hannunsa. Duk lokacin da ragowa ta koma sifili alhali amsar tana cikin jeri, nan za ka fara dubawa.

Gyaran zagaye biyu ne. Na farko ka raba kore, ka ajiye haruffan amsa da ba a kama ba. Na biyu ka raba rawaya daga abin da ka ajiye, kana ragewa.

```python
def launi(canki, amsa):
    s = [0] * len(canki)
    saura = Counter()
    for i, (c, a) in enumerate(zip(canki, amsa)):
        if c == a:
            s[i] = 2
        else:
            saura[a] += 1
    for i, c in enumerate(canki):
        if s[i] == 0 and saura[c] > 0:
            s[i] = 1
            saura[c] -= 1
    return tuple(s)
```

Kada ka haɗe su a zagaye ɗaya. In ka yi haka, harafin da ya zo da wuri zai iya ɗauke rawaya kafin a iso wurin da ɗan'uwansa zai yi kore. Gwada da abu biyu kafin ka ci gaba: kwana a kan kwano ya ba ka `(2, 2, 2, 2, 0)`, gwiwa a kan wanda ya ba ka `(0, 1, 0, 0, 2)`, watau w na farko rawaya, na biyu toka.

Dan_Mabera:
Innalillahi, ashe wasan nawa ma kansa da wannan kuskuren yake tafiya, tunda `launi` ɗaya suke amfani da shi. Shi ya sa ban gani ba sai da na haɗa da na wani. Na gyara, duka biyun sun fito daidai.

Malama_Lissafi:
Kuma a Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dubi yawan kalmominmu masu a biyu: kwana, garma, sabga, da takwas ɗinka gaba ɗaya. A Turanci mutum zai iya daɗewa bai ci karo da kuskuren ba, mu kusan kowane wasa sai ya taɓa shi.

Abu_Kanwuri:
Ni ban yarda da entrofi ga wanga wasa ba. Dama shida ta, in ka wuce ka hwaɗi. Matsakaici bai dame ni ba, abin da ad damuwata shi na kashi mahi girma. Ka zaɓi cankin da babban kashinai yaf fi ƙanƙanta, shi ke nan. Donald Knuth, masanin kwamfuta, haka yay yi ma wasan Mastermind na cankar launuka, ya nuna ana gamawa cikin canki biyar ko ƙasa. Layi guda na: `max(kashi.values())`, ƙarami ya ci.

Malama_Lissafi:
Malam Abu, maganar Knuth gaskiya ce, kuma ma'auninka ma'auni ne na ƙwarai. A misalin nan ma bakinsu ɗaya: sanda 7, turmi 5. Amma akwai inda suke rabuwa, kuma ina ganin a nan naka yake asara. Ka ce kalma takwas, canki ɗaya ya kasa su 3, 3, 2, wani ya kasa su 4, 1, 1, 1, 1. Naka zai ɗauki na farko saboda 3 bai kai 4 ba. Na biyun kuwa rabin lokaci ka riga ka san amsa tabbas, alhali na farko ba kashi ko ɗaya da ya ba ka tabbas. Entrofi ya ba na farko kimanin 1.56, na biyu 2. Ma'auninka kashi ɗaya tak yake kallo, ya rufe ido ga sauran.

Abu_Kanwuri:
Na ji Malama. Amma in dama ukku ta rage kuma huɗun nan irin -anda na, ba kalmar da ka raba su, hwa? Mai 3, 3, 2 ko bin su ɗaya ɗaya yay yi ya tsira. Mai 4 yana iya hwaɗuwa.

Malama_Lissafi:
In bayan cankin dama uku ce ta rage, kuma dole sai bi ɗaya ɗaya, ka yi gaskiya. Shi ya sa ba na cewa entrofi ne kaɗai. Ya danganta da abin da kake gudu: yawan canki ko faɗuwa.

injiniya_dundaye:
Bari in ƙara abin da ya ba ni mamaki ranar da na fara ganinsa. Kashi 2, 2, 2, 2 da kashi 4, 1, 1, 1, 1 entrofinsu ɗaya ne sak, bit 2. Na farko shi ne "rabo daidai" da kowa zai yaba. Amma ƙirga canki nawa ya rage. A 2, 2, 2, 2 kowane kashi ɗaya da rabi yake ci a matsakaici, jimla 12 a kan kalma takwas. A ɗayan, guda huɗun nan kowace canki ɗaya, 4 ke nan. Kashi mai huɗu kuma, in akwai ɗaya a cikinsu da za ta bambanta sauran ukun, 1, 2, 2, 2 ne, 7. Jimla 11. Ya fi. In kuwa 'yan gida ɗaya ne irin -anda, sai ka ɗauko kalmar waje, 2 sau huɗu, jimla 12, kunnen doki. Watau girman kashi kaɗai bai gaya maka sauƙin abin da ke cikinsa ba. Duk ma'aunan nan uku taki ɗaya suke hange. Mai son amsa mafi kyau ta gaskiya sai ya sa firogiram ya leƙa cikin kowane kashi ya sake lissafi, kuma wannan aiki ne mai nauyi.

Sadauki_RunjinSambo:
To ku tsaya. Yanzu duk wanga don mutum shi ci wasa ba da kainai ba? Ina daɗin?

Yar_Arkilla:
Yaya Sadauki, ni ba don cin wasa nake bibiya ba. Ina koyarwa a firamare, ranar Alhamis nakan yi wa 'yan aji shida wasan a allo da alli kala uku. Matsalata zaɓen kalma. Na taɓa sa musu randa, yara suka samu -anda a canki na biyu, suka yi ta bi har dama ta ƙare, wata yarinya har da kuka don ta ga ta kusa. Da ina da wannan lissafin da na san kalmar tarko ce. Dan_Mabera, in ka gama, ka sa ya nuna kalmomin da ke da 'yan gida da yawa haka, in riƙa kauce musu, ko in ajiye su sai ranar da zan koya musu dabarar turmi.

Dan_Mabera:
In sha Allah Anti, wannan mai sauƙi ne, zan cire harafi ɗaya ɗaya in ƙirga waɗanda suka zo ɗaya.

Wata tangarɗar kuma. Da ragowa ta koma wanda da yanda, firogiram ya ce in canki wata kalma can da ke da w a tsakiya, ba ɗaya daga cikin biyun ba. Da ta koma ɗaya tak, sai ya ba ni kalmar farko a jerina.

injiniya_dundaye:
Kunnen doki ne ba ka raba ba. In biyu suka rage, wanda tana raba su 1 da 1, bit ɗaya. Kalmar waje mai w ita ma bit ɗaya. `max` kuwa wadda ya fara gani yake ɗauka. Amma wanda tana da damar zama amsa nan take: matsakaici 1.5, ta waje kuwa 2. In ɗaya ta rage, kowace kalma makinta sifili, shi ya sa ya miƙo maka ta farko. Gyara:

```python
zabi = max(duka, key=lambda c: (round(maki(c, ragowa), 9), c in ragowa))
```

Na sa `round` ne saboda lambobi masu ɗigo kan bambanta a can ƙarshen wutsiya ko da lissafinsu ɗaya ne, sai kunnen dokin ya ɓace.

Malama_Lissafi:
Wannan ya magance kunnen doki, amma akwai saura. A ce banda, ganda, sanda suka rage. Sabga ta raba su uku, maki 1.58. Banda ta raba 1 da 2, maki 0.92. Ka ga tazara mai yawa. Amma sabga canki biyu ne tabbas, bin su ɗaya ɗaya kuwa 1, 2 ko 3, matsakaici 2. Daidai suke. Entrofi bai san cewa kashin kore biyar ya bambanta da sauran ba, shi ne kashin da wasa ya ƙare. Wasu suna ƙara wa kalmar da ke cikin ragowa ɗan maki don haka. Nawa za a ƙara, ni gwaji nake yi: in sa firogiram ya buga kowace kalma ta jerin a matsayin amsa, in ga matsakaicin canki da kuma sau nawa ya wuce shida. Wannan gwajin ne zai raba ni da Malam Abu ma, a kan jerinka.

Abu_Kanwuri:
Na yarda da wanga. Dan_Mabera ka buga duka ukku ka kawo muna lambobi, musamman sau nawa kowane yaf faɗi.

Dan_Mabera:
Zan yi, sai dai cankin farko yana ɗaukar lokaci sosai a tsohuwar kwamfutata. Kalma 1,900 ne a jerina. Jiya yana cikin yi aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙewa.

injiniya_dundaye:
1,900 sau 1,900 ya haura miliyan uku da rabi na kiran `launi`. Wordle na asali, wanda Josh Wardle ya saki a 2021, amsoshinsa 2,315 ne, kalmomin da ya yarda a canka 12,972, watau kusan miliyan 30. Abu biyu za ka yi. Cankin farko ba ya canzawa muddin jerin bai canza ba, ka lissafa sau ɗaya ka rubuta a fayil. Na biyu, launi uku a gurbi biyar iri 243 ne kacal, don haka kowane sakamako zai shiga lamba daga 0 zuwa 242, bayit ɗaya. Ka cika tebur sau ɗaya, layi canki, ginshiƙi amsa. Naka bai kai megabayit huɗu ba. Daga nan gwajin da Malama ta ce karatun tebur ne kawai.

Wannan 243 ɗin kuma shi ne rufin: ba cankin da zai ba da sama da bit 7.92. In ka ga maki ya haura haka, ko ya haura `log2(n)`, akwai kuskure.

Baba_GawonNama:
Ku yi haƙuri in mai da ku baya. Jerin nan na 1,900, ina yas samo shi, kuma yaya anka rubuta shi? Sanda da sanɗa ba ɗaya ba ne. In mai buga jerin bai sa ƙugiya ba, sanda za ta hito sau biyu. Sannan 'yanci: harahi biyar ko shida? Mu nan muna rubuta 'y, Nijar suna rubuta ƴ, harahi guda. Kwamfuta mi taka gani?

injiniya_dundaye:
Allah ya ƙara girma Baba, tambayar nan ta fi duk kod ɗin da muka rubuta muhimmanci. Kwamfuta tana ganin ƙ, ɗ, ɓ, ƴ kowane harafi ɗaya, ba matsala. 'y kuwa biyu take gani, don haka 'yanci shida ce a wurinta, ta fice daga jerin. Mafita a mayar da 'y zuwa ƴ a ciki kafin a ƙirga. A kula kuma, alamar ɗaurin nan iri biyu ce a waya, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, a ido kusan ɗaya, a kwamfuta daban. Kalmar da ta fito sau biyu kuma tana lalata maki, domin kashinta zai kumbura, kuma ba cankin da zai taɓa raba ta da kanta.

Dan_Mabera:
Baba, daga rubuce-rubucen intanet na tattaro, kuma gaskiya da yawa ba ƙugiya. Na duba yanzu, akwai karfi da ƙarfi duka biyu. Sai na bi da hannu da ƙamus.

Baba_GawonNama:
Ka bi, ɗana. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero zai taimake ka, na Bargery ma yana kawo kalmomin Sakkwato da yawa. Kuma ka yanke shawara: hwari za ta shiga? Ga daidaitacciyar Hausa fari ta, harahi huɗu. Ga bakinmu hwari, biyar. In don yaran Sakkwato kaka yi, ni ina son ta shiga.

Malama_Lissafi:
Baba, ana iya raba jeri biyu kamar yadda Wordle ya yi: ƙaramin jeri na amsoshi, babban jeri na abin da aka yarda a canka. Hwari ta shiga babban ko da ba ta shiga ƙaramin ba. `maki` ba ruwansa, `duka` babban ne, `ragowa` daga ƙaramin take fitowa. In kuwa jeri ɗaya ne, lissafinmu yana ɗaukar manda da wanda damarsu ɗaya, alhali mai zaɓen kalma zai fi saurin tuna wanda. Ana iya ba kowace kalma nauyi, a haɗa nauyi maimakon ƙirga kai, amma sai ka samu inda za ka auna yawan amfani da kalma tukuna.

Sadauki_RunjinSambo:
Ni wasan da nika bugawa na kunna tsarin nan mai wuya, wanda in harahi ya yi kore dole ka ci gaba da sa shi. Can turmi ba ta shiga.

injiniya_dundaye:
Ba ta shiga, gaskiya ne. A wannan tsarin in ka faɗa -anda da kore huɗu, ba abin da ya rage sai bi ɗaya ɗaya. Dole firogiram ya hango tarkon tun kafin a shiga, kuma a nan maganar Malam Abu ta fi ƙarfi, har ma ba ta isa ba, domin ba girman kashin kaɗai ba, irin 'yan cikinsa.

Yar_Arkilla:
Saura ts da sh. A aji ina koya wa yara ts baƙi ɗaya ne. To tsari harafi huɗu ke nan, tsuntsu kuma biyar. A allo haka nake yi musu, akwati ɗaya na ts. Firogiram ɗin zai iya?

injiniya_dundaye:
Zai iya, Malama. `launi` bai damu ko harafi ne ko gungu ba. A yanka kalmar tukuna ta zama `('ts', 'u', 'n', 'ts', 'u')`, sauran duk yadda suke. Amma jerin zai canza, kalmar farko mafi kyau ma za ta canza, sai an sake cika teburin.

Baba_GawonNama:
In kun haɗe ts da sh, to gw da ky da ƙw hwa? Masana nahawu da yawa sauti guda suka ɗaukar su. In haka na, kwano ta koma huɗu, gwaba ta hita.

Dan_Mabera:
Baba wannan ban san inda zan tsaya ba. A yanzu zan haɗe ts, sh da 'y kaɗai, tunda su ne ke cikin abacadar da aka koya mana a firamare, in bar kw da gw a rabe. Teburin yana cika yanzu da jerin da na gyara rabi. Malam Abu, in wuta ta tsaya zuwa la'asar zan buga ukun in kawo. Malama, ɗan makin da ake ƙara wa 'yar cikin ragowa, da nawa zan fara gwadawa?

Malama_Lissafi:
Fara da `1 / n`, damar cewa ita ce amsar, sannan ka gwada ninkinsa biyu ka ga ko matsakaicin ya motsa. Ka turo da jerin kalmomin da suka wuce shida, ina son in ga ko duk 'yan gida ɗaya ne.